Yadda ake rubuta sanarwar samun jari a LinkedIn ba tare da cika baki ba

Masu sababbin kamfanoni sun sha tambaya yadda za su sanar da cewa sun samu jari, ko sun fito da sabuwar manhaja, ba tare da rubutun ya zama kurari ba. Wannan jagora za ta tsaya ne a kan sanarwar jari a LinkedIn, domin ita ce ta fi tarko, kuma wanda ya iya ta ba zai sha wuyar sanarwar sabon kaya ba. Ƙa'ida ɗaya ce za ta bi mu daga farko har ƙarshe: duk jimlar da ta shiga sanarwar, a samu takarda ko lissafin da za a iya nuna wa wanda ya ce a kawo hujja. Dalili kuwa shi ne waɗanda sanarwar ta fi shafa, wato masu zuba jari na gaba, da ƙwararrun da kuke son ɗauka aiki, da manyan abokan ciniki, duk mutane ne masu bin diddigi.

Za mu yi aiki da misali guda na ƙirƙira domin a ga kowane mataki a aikace. A ɗauka wani ƙaramin kamfani ne da ya yi manhajar lissafin kaya ga shagunan sayar da magani, mai gaya wa mai shago abin da ya kusa ƙarewa da abin da wa'adinsa ya kusa cika, kuma jimillar kuɗin da ya tara dala miliyan 1.2 ne. Kayan aikin ba su da yawa: takardun yarjejeniyar da aka sa wa hannu, bayanan banki, alƙaluman manhajar, hoto guda, da shafin kamfani. Wallafawa kyauta ce. Abin da zai ci kuɗi shi ne lokacin lauyan da zai duba rubutun, sai kuma mai ɗaukar hoto idan an ga buƙata.

Mataki na 1: A tabbatar kuɗin ya shigo

Kafin a rubuta kalma ko ɗaya, a duba asusun kamfani. Mai zuba jari kan fara ba da takardar sharuɗɗa, wadda ke fayyace adadin da yake niyyar sakawa da ƙimar da ya yi wa kamfanin, amma mafi yawan abin da ke cikin wannan takarda bai zama wajibi a kansa ba, kuma bayanta ne ake shiga binciken ƙwaƙwaf a kan littattafan kamfani. Cinikin da ya kai wannan matsayi yana iya watsewa. Saboda haka ana sanarwa ne bayan an sa hannu a kan takardun ƙarshe kuma kuɗin ya sauka.

Gargaɗi: wani jarin kashi-kashi ake biyansa, a ba da rabi yanzu, sauran sai kamfani ya cim ma wani sharaɗi da aka gindaya. Idan naku haka yake, ku zauna da babban mai zuba jarin ku daidaita lafazin da za a yi amfani da shi. "Mun karɓi" daban, "an yi mana alƙawarin" daban, kuma wanda ya rubuta na farko alhali na biyu ne gaskiya ya ɗaure kansa da adadin da watakila ba zai taɓa gani ba.

Mataki na 2: A rarrabe irin kuɗin

A nan ne mafi yawan ƙarin gishiri yake ɓuya, kuma sau da yawa ba da gangan ba. A misalinmu, dala miliyan 1.2 ɗin ba iri ɗaya ba ne. Dala 900,000 jari ne da aka karɓa a madadin hannun jari, dala 200,000 rance ne da za a biya da ƙari, dala 100,000 kuma tallafi ne da wata gidauniya ta bayar ba tare da neman komai ba. Idan aka rubuta "mun samu jarin dala miliyan 1.2", mai karatu zai ɗauka cewa masu zuba jari ne suka sa duka wannan kuɗi suna fatan riba, kuma daga nan zai yi hasashen ƙimar kamfanin da girman amanar da aka ba shi. Ranar da wani mai zuba jari na gaba ya buɗe littattafai ya ga 900,000, tambayar da zai fara yi wa kansa ita ce ko akwai wani wuri kuma da aka yi irin wannan haɗe-haɗen.

Hanyoyi biyu ne masu tsabta. Ko dai a sanar da dala 900,000 kawai a matsayin jari, a ambaci rance da tallafi a jimla ta gaba, ko a faɗi jimillar a biyo ta nan take da rabe-rabenta. A ganina hanya ta biyu ta fi, domin rance daga mai ba da bashi na ƙwarai shi ma shaida ce cewa wani ya duba lissafinku ya gamsu za ku iya biya, don haka babu abin ɓoyewa a ciki.

Haka nan a bambanta kuɗin wannan zagaye, wato wannan karon na tara jari, da jimillar abin da aka tara tun kafa kamfani. Idan an taɓa samun dala 300,000 shekaru biyu da suka wuce, ba a haɗa shi a ce an samu miliyan 1.5 yanzu. Ana iya cewa wannan ya kai jimillar abin da kamfanin ya tara zuwa dala miliyan 1.5, a jimla dabam. Sunan zagayen kuma, ko Seed ne, wato na farko-farko, ko Series A da ke biye da shi, a rubuta wanda ke cikin takardu.

Gargaɗi: idan an karɓi kuɗin ta takardar SAFE, wato yarjejeniyar ba da kuɗi yanzu a karɓi hannun jari daga baya, wadda kamfanin zuba jari na Y Combinator ya fito da ita a 2013, adadin da ke ciki a matsayin iyakar ƙima ba shi ne ƙimar kamfani ba. Iyaka ce da za a yi amfani da ita wajen lissafa rabon mai jarin idan aka zo zagayen da aka yanke wa hannun jari farashi. Kada a rubuta cewa kamfanin ya kai darajar kaza bisa wannan adadi. Mafi sauƙi ma a bar maganar ƙima gaba ɗaya, babu wanda zai zarge ku don ba ku faɗa ba.

Mataki na 3: A nemi izinin duk wanda za a ambata

Yarjejeniyoyin jari da yawa suna ɗauke da sharaɗin sirri ko na amfani da suna, wanda ke hana kamfani ambaton mai jari a bainar jama'a sai da yardarsa. A karanta wannan sashe, sannan a aika wa kowane mai jari saƙo a rubuce da tambayoyi uku: ko ya yarda a ambace shi, da wane suna daidai, kuma ko ya yarda a faɗi adadin kuɗin. Mutanen da suka saka kuɗin aljihunsu sun fi kamfanoni son a sakaya su, kuma wanda ya ce a sakaya shi ana iya haɗa shi cikin jimlar "da wasu masu zuba jari masu zaman kansu". A ajiye amsoshin, domin yardar da aka bayar ta baki a waya takan ɓace ranar da ake nemanta.

A kula da jerin sunaye. Wanda ya jagoranci zagayen, wato wanda ya tsara sharuɗɗa kuma galibi ya sa kaso mafi tsoka, shi ake fara ambata da kalmar jagoranci, sauran su biyo da "tare da". Akwai jarabar a ɗauko wani sanannen suna da ya sa ɗan ƙaramin kaso a kai shi gaba domin ya fi jan hankali. Mutanen wannan harka sun san juna kuma suna tambayar juna, wanda ya jagoranta da gaske kuma zai ji an yi masa rashin kyautawa tun ba a je ko'ina ba.

Gargaɗi na shari'a: dokokin sayar da hannun jari sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma wasu sun hana tallata neman jari ga jama'a. Kamfanin da ke tara kuɗi ƙarƙashin dokar Amurka ta hanyar ƙa'idar 506(b), wadda ƙananan kamfanoni masu yawa ke bi, ba a yarda ya yi shelar neman masu saye ba. Jimla irin "akwai sauran gurbi, mai sha'awa ya tuntuɓe mu" tana iya mayar da sanarwa ta zama irin wannan shela. Idan ba a rufe zagayen ba, kada a wallafa sai lauya ya gani. Sannan masu bin wannan hanya sukan cike takardar sanar da hukuma da ake kira Form D cikin kwana 15 bayan sayarwar farko, kuma kowa yana iya karanta ta a rumbun EDGAR na hukumar SEC, mai sa ido kan kasuwar hannun jari ta Amurka. 'Yan jarida suna dubawa, don haka adadin da ke cikin sanarwa ya dace da wanda ke can, ko a san dalilin bambancin tun kafin a tambaya.

Mataki na 4: A zaɓi adadi guda da za a iya karewa

Sanarwar jari tana buƙatar hujja ɗaya da ke nuna cewa akwai masu amfani da abin da kuke yi. A buɗe takarda dabam, a rubuta duk alƙaluman da ake da su, kowanne da ma'anarsa da ranar da aka ɗauko shi. A misalinmu shaguna 640 ne suka yi rajista, 410 suka yi aiki da manhajar cikin kwana 30 da suka wuce, 265 kuma suke biyan kuɗi kowane wata. Dukkansu gaskiya ne, amma ba su da nauyi ɗaya. Rubuta "abokan ciniki 640" ƙarya ce, tunda abokin ciniki shi ne wanda ya biya. Rubuta "shaguna 265 suna biya kowane wata" ya fi ƙanƙanta a ido, amma wanda ya san harkar zai fi girmama shi, domin biyan kuɗi wata bayan wata shi ne abin da ya fi wuyar samu.

Irin wannan ruɗani yana faruwa tsakanin kuɗin da ke bi ta cikin manhaja da kuɗin da kamfani ke samu. Idan shagunan suna shigar da cinikin dala miliyan 2 a wata, wannan cinikinsu ne, abin da ya shigo aljihun kamfanin a matsayin kuɗin amfani da manhaja watakila dala 11,000 ne. Ana iya ambaton miliyan 2 ɗin, amma da sunansa na gaskiya, wato cinikin da shaguna ke lissafawa ta manhajar.

Maganar bunƙasa kuma tana son a faɗi inda aka taso. Daga shaguna 70 zuwa 265 ƙari ne na kusan kashi 279 cikin ɗari, amma wannan kaso shi kaɗai bai gaya wa kowa komai ba, tunda wanda ya tashi daga shago 5 zuwa 19 zai iya rubuta kusan irinsa. A faɗi adadin farko da na yanzu da tsawon lokacin da ke tsakani, mai karatu ya yi lissafin da kansa. Idan kuma ba ku son bayyana ainihin adadin saboda abokan gasa, ya fi kyau a bar maganar bunƙasa baki ɗaya a kawo wata hujja, kamar sunan babban abokin ciniki da ya ba da izini.

Gargaɗi: adadin da aka wallafa yana nan ba ya gogewa, kuma za a ajiye shi kusa da wanda za ku bayar a binciken zagaye na gaba. Ƙarshen wannan hanya idan ta yi nisa sananne ne. Bankin JPMorgan ya sayi kamfanin Frank, mai taimaka wa ɗalibai neman tallafin karatu, a 2021 kan dala miliyan 175 bisa iƙirarin cewa yana da masu amfani sama da miliyan 4, daga baya ta bayyana cewa adadin gaskiya kusan 300,000 ne, kuma a 2025 kotu ta samu wadda ta kafa shi, Charlie Javice, da laifin zamba. Sanarwa a LinkedIn ba takardar sayar da kamfani ba ce, amma ɗabi'ar kiran mai rajista da sunan abokin ciniki daga irin waɗannan ƙananan rubuce-rubuce take somawa.

Mataki na 5: A rubuta layuka biyun farko

LinkedIn yana ba da damar rubuta haruffa har 3,000 a saƙo ɗaya, amma layuka biyu ko uku na farko kaɗai yake nunawa, sauran sai mutum ya danna ya buɗe, kuma a waya abin da ke fitowa ya fi gajarta. Saboda haka labarin kansa ya kasance a waɗannan layuka: wane ne, me ya samu, daga wa, don yin me. Ga yadda aka saba ɓata wannan wuri:

"Cikin matuƙar farin ciki da alfahari muke sanar da wani gagarumin mataki a tafiyarmu ta kawo juyin juya hali a fannin lafiya!"

Wanda ya karanta wannan bai san sunan kamfanin ba, bai san abin da yake yi ba, bai ma san cewa maganar kuɗi ake yi ba. Ga wanda ya fi:

"Mun tara dala miliyan 1.2 domin faɗaɗa manhajarmu ta lissafin kaya, wadda shagunan magani 265 ke biya kowane wata don kada magani ya ƙare musu ko ya lalace a kan kanta."

Jimlar tana da ɗan tsawo, amma ko an yanke ta a tsakiya an riga an faɗi kuɗin da abin da ake yi. Gwajin da za a yi mata shi ne a karanta wa wanda bai san kamfanin ba, a tambaye shi me ya fahimta. Idan ya iya maimaita abin da kuke sayarwa da wanda ke saye, ta yi. Farin ciki ba laifi ba ne, kuma ana iya faɗarsa, sai dai wurinsa can ƙasa ne inda ake godiya.

Mataki na 6: A gina sauran rubutun

Bayan layin farko abubuwa huɗu ne suka rage, kuma wannan jerin ya fi sauƙin bi: rabe-raben kuɗin da sunayen masu shi, matsalar da kuke magancewa da hujjarta, abin da za a yi da kuɗin, sai godiya da buƙata guda. Ga misalin a haɗe, inda za ku sa sunayen da aka ba ku izini a wurin haruffan:

"Mun tara dala miliyan 1.2 domin faɗaɗa manhajarmu ta lissafin kaya, wadda shagunan magani 265 ke biya kowane wata don kada magani ya ƙare musu ko ya lalace a kan kanta.

Dala 900,000 jari ne a zagayen Seed wanda A ya jagoranta, tare da B da wasu masu zuba jari masu zaman kansu. Dala 200,000 rance ne daga C, dala 100,000 kuma tallafi daga gidauniyar D.

Ƙananan shagunan da muke aiki da su sun saba rubuta kayansu a littafi, kuma sai an zo ƙidaya ake gane abin da wa'adinsa ya wuce. Manhajarmu tana sanar da mai shago kwana 90 kafin wa'adin ya cika. Wata 12 da suka wuce shaguna 70 ne ke biya, yau 265 ne.

Cikin wata 18 masu zuwa za mu yi abu biyu: haɗa manhajar da dillalan magani domin a riƙa yin oda daga ciki, da ɗaukar ma'aikata shida, huɗu injiniyoyi, biyu masu kula da abokan ciniki.

Muna godiya ga masu shagunan da suka jure mana lokacin da manhajar ke yawan tsayawa, da abokan aikinmu tara da suka kai mu nan. Guraben aikin suna shafinmu, adireshin yana ƙasa."

Sakin layin da ya fi muhimmanci, kuma wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, shi ne na abin da za a yi da kuɗin. "Za mu hanzarta bunƙasa mu ƙarfafa ma'aikata" magana ce da kowane kamfani zai iya sa wa hannu. Ma'aikata shida da wata 18 kuwa abu ne da za a iya dawowa a duba, shi ya sa ake gaskata shi. Amma saboda za a iya dubawa, kada a rubuta abin da ba ya cikin kasafin da aka amince da shi da masu jari. Idan haɗa manhajar da dillalai har yanzu tunani ne kawai, a ce ana gwada shi, kada a sa masa wa'adi.

Buƙatar ƙarshe ta zama guda. Wanda ya nemi ma'aikata, ya nemi abokan ciniki, ya nemi a yaɗa saƙon, ya kuma nemi a biyo shafinsa duk a layi ɗaya, yawanci ba ya samun ko ɗaya. A tambayi kai wane ne aka fi son ya motsa bayan ya karanta, a yi magana da shi kaɗai.

Mataki na 7: A tankaɗe kalmomin zuzutawa

Yanzu a ɗauki rubutun a bi shi jimla bayan jimla, kowace a tambaye ta hujjarta. Kalmomin da suka fi faɗuwa a wannan gwaji su ne na fifiko: na farko, mafi girma, mafi sauri, wanda babu kamarsa. "Mu ne na farko" iƙirari ne da mutum ɗaya zai iya rushewa da kawo sunan wanda ya riga ku, kuma galibi akwai shi. Idan wata hukuma ce ta ba ku lasisin da ba ta taɓa ba wa kowa ba, wannan abu ne mai takarda, a faɗe shi da sunan hukumar. In ba haka ba, a cire.

Sai kalmomi irin su gagarumi, juyin juya hali, da sauya duniya. Maganinsu shi ne a tambayi me ya sa aka ji sha'awar rubuta su, a rubuta wannan dalilin a madadinsu. Idan kun rubuta cewa manhajar tana da sauri na ban mamaki saboda ƙidayar da ke cin yini guda tana ƙarewa cikin awa biyu, to awa biyun za a rubuta, muddin an auna shi a shaguna da dama, ba a shago ɗaya mafi ƙwazo ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Akwai kuma cika bakin da ke zuwa a rigar tawali'u, inda mutum zai kwashe sakin layi uku yana ba da labarin wahalar da ya sha da masu jarin da suka ƙi shi kafin ya iso ga labarin. Wannan yana da masu so, amma yana mayar da sanarwar kamfani ta zama tarihin mutum ɗaya, kuma waɗanda suka ƙi ku jiya su ne za ku koma wa a zagaye na gaba. Haka girman kasuwa, wato jimlar nan ta cewa fannin ya kai dala biliyan kaza: idan ba ku da majiyar da kuka karanta da idonku, ku bar ta.

Gargaɗi: idan kayanku ya shafi lafiya ko kuɗin jama'a, kalmomi irin "an amince da" ko "mai lasisi" suna da ma'ana a doka. Kamfanin misalinmu manhajar lissafi yake yi, don haka ba zai rubuta cewa yana ceton rayuka ko yana kawar da jabun magunguna ba, tunda bai auna ko ɗaya daga ciki ba.

Mataki na 8: Hoto, ambaton suna da adireshi

Hoto guda ya isa, ko na ma'aikata ko na manhajar tana aiki. Idan hoton allon manhaja ne, a tabbatar babu sunan abokin ciniki ko lissafinsa a ciki, idan na mutane ne kuma a nemi yardar kowa. A cike gurbin alt text da gajeren bayanin abin da ke cikin hoton saboda masu larurar gani. A guji rubuta adadin kuɗin a jikin hoto sai an tabbatar da shi sau biyu, domin LinkedIn yana bari a gyara rubutu bayan an wallafa amma ba ya bari a sauya hoton, sai dai a goge saƙon a sake, a rasa duk martanin da ya tara.

Ana ambaton mutum ko kamfani da rubuta @ a gaban sunansa, a zaɓa daga jerin da ya fito. A duba da kyau, domin kamfanonin jari masu kama da juna a suna suna da yawa. A ambaci waɗanda ke da hannu a labarin kaɗai. Adireshin shafin kuma a gwada shi a waya kafin ranar, idan kuma hoton da ke fitowa tare da shi tsoho ne, a saka adireshin a Post Inspector na LinkedIn domin hoton ya sabunta.

Mataki na 9: Wa zai fara ji, kuma yaushe

Ma'aikata su fara ji daga bakinku, sai manyan abokan ciniki, sannan jama'a. A aika wa masu jari rubutun ƙarshe kwana biyu ko uku kafin ranar tare da lokacin da za a wallafa, domin su ma su shirya nasu da alƙaluma iri ɗaya. Idan an ba wani ɗan jarida labarin bisa sharaɗin ba zai buga ba sai ranar kaza da ƙarfe kaza, wannan sharaɗi ya hau kanku ku ma, kuma a fayyace da agogon wace ƙasa ake magana. Wanda ya riga ɗan jaridar wallafawa ya kashe masa labari, kuma da wuya ya sake amsa saƙonsa.

Ya fi kyau sanarwar ta fito daga shafin wanda ya kafa kamfanin da muryarsa, shafin kamfani ya fitar da gajeren nasa. A zaɓi ranar aiki da lokacin da waɗanda kuke nufi suke a farke, kuma lokacin da ku kanku za ku samu awa biyu ko uku na amsa tambayoyi.

Mataki na 10: Bayan an wallafa

Tambayoyi biyu ne suka fi zuwa, ƙimar kamfani da kuɗin shiga. A shirya amsa guda tun da wuri, cewa ba ku bayyana waɗannan a yanzu, kuma kowa a kamfanin ya ba da ita iri ɗaya. Idan wani ya nuna kuskure na gaskiya, a gyara rubutun a kuma faɗi a fili cewa an gyara da abin da aka gyara, domin akwai waɗanda suka riga suka ɗauki hoton na farko.

Gargaɗi: sanarwar jari tana shaida wa 'yan damfara cewa akwai kuɗi a asusu, kuma ta ba su sunayen shugabanni da masu jari. A gaya wa mai kula da kuɗi tun kafin ranar cewa duk saƙon da ya zo da sunan shugaba ko mai jari yana neman a tura kuɗi ko a sauya lambar asusu, sai an tabbatar da shi ta kiran waya a lambar da aka riga aka sani.

Idan sabon kaya ake sanarwa

Matakan ba su sauya ba, sai dai tambayar mataki na farko ta koma: mutum zai iya amfani da shi yau? Idan jerin masu jira ne aka buɗe, ko gwaji ne ga mutane ƙalilan, a kira shi da sunansa, kada a ce an ƙaddamar. Layin farko ya faɗi abin da kayan ke yi da wanda aka yi dominsa, sannan a faɗi inda ake samunsa, ƙasashen da yake aiki, da ko na biya ne. Yana da kyau a ambaci abu ɗaya da bai iya yi ba tukuna, misali cewa yana aiki a Android amma bai iso iPhone ba, domin wanda zai gano haka bayan ya danna adireshin zai dawo ya rubuta shi a ƙarƙashin sanarwarku. Bidiyon nuni kuma a ɗauke shi daga manhajar da ke aiki, idan an ƙara masa sauri ko an yanke wuraren jira a rubuta hakan a jikinsa.